Mai Son Karya Farashi Da Sallah, Tun Rajab Yake Kama Telansa

KANO: Duk wanda ya ratsa layin teloli a Fagge cikin goman ƙarshe na watan Azumi ya san abin da ake kira cunkoso. Kekuna na kuka har asuba, yadi jibge har bakin ƙofa, masu kaya kuma sun yi cirko-cirko, kowa na rantsuwa shi aka fara yi wa alkawari. A cikinsu ba a rasa ɗan kasuwar da ya baro rumfarsa a Agege ko Sabon Badun, ya riga ya shelanta wa jama'a zai yi rangwamen kayan Sallah, ga shi kuwa ko rabin kayan ba a yanka ba.

Irin wannan mutum asararsa biyu ce. Kayan yara da suka iso bayan an sauko daga Idi sun zama kwantai, sai wata Sallar, in ma yayinsu bai wuce ba. Ta biyun ta fi ciwo, watau matan unguwa da suka riƙe kuɗinsu suna jiran arahar da ya ambata, daga bisani suka je suka saya da tsada a wani wuri. Baɗi ko ya rantse ba za su jira shi ba.

Dalilin da ya sa rangwame ya fi cinikin yau da kullum haɗari shi ne an tsai da masa rana, kuma an ƙuduri sayar da abin da ya zarce na kullum. Mai sari da tela a Kano ba su san da wannan shiri ba sai an gaya musu. Su abin da suka sani shi ne Alhaji yakan ɗauki kaza kowace shekara, kuma gurbin kaza ɗin kaɗai za su bar masa.

A ɗauki misalin mai rumfa a Agege wanda ke sayar da ɗinkakkun kaftani da wando na yara maza, daga ɗan shekara 4 zuwa 12. A ce bara ya sayar da 400 a kan farashin kasuwa. Bana yana so ya rage wani abu a kan kowane ɗaya tun daga 15 ga Azumi, yana kyautata zaton 600 za su tafi, in kasuwa ta yi kyau har 700. Abu biyu yake bukata a riƙe masa a Kano, kuma a hannun mutane daban-daban suke: yadi a wurin mai sari a Kantin Kwari, da kuma kekuna da ranakun aiki a wurin tela.

Lissafin yadin ba shi da wuya. In aka gauraya manya da ƙanana kowane yaro ya ci yadi biyu da rabi, 600 za su ci yadi 1,500. Sai a ƙara biyar cikin ɗari saboda ɓarnar almakashi da inda aka sami tabo, watau yadi 75, jimla 1,575. Abin da zai roƙi mai sarin shi ne a ware masa wannan adadi, a ɗaure, a rubuta sunansa a jiki. "An ajiye maka" ta baka kawai ba ajiya ba ce, domin ran da mai kuɗi a hannu ya shigo, ba kowane yaron shago ne zai tuna da mutumin Ikko ba. Kuma ya kamata kowane launi ya fito daga zubi guda. Shuɗin wannan dila da na waccan sukan sha bamban kaɗan, a cikin shago ba a lura, amma da yaro ya fito rana sai a ga riga daban wando daban.

Maganar farashi ma a gama ta a zaman farko. Akasarin shaddar da ke kasuwa daga waje ake shigo da ita, saboda haka kuɗinta na bin darajar naira. 'Yan kasuwa ba su manta da abin da ya faru ba daga Yuni 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da naira ta faɗi warwas, aka wayi gari farashin safe ba shi ne na yamma ba. Mai sari ba zai yarda ya tsai da farashi a kan kayan da ba a ba shi ko sisi ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka yadi 1,575 ɗin nan a biya shi, ko a ba da kafin alƙalami mai kauri a yanka ranar cikon. Ragowar yadi 250 na ƙarin kaya 100 da ake sa rai, shi ne za a roƙa a riƙe zuwa 15 ga Sha'aban, bisa sharaɗin in ranar ta wuce ba a ji daga Agege ba mai sari ya sayar da abinsa, babu riƙo a zuci.

Wurin tela kuwa nan ne mafi yawan mutanenmu na Kurmi ke yin kuskure. Sukan tambaye shi ko zai iya ɗinka 600 kafin Sallah, shi kuma ya ce, "Haba Alhaji, ai ko dubu ne, in Allah ya yarda." Ba ƙarya yake nufi ba. Kunya ce da gudun kada ciniki ya kuɓuce, kuma haka ya gaya wa mutum biyar kafin wannan. Tambayar da ke da amfani ita ce: keke nawa ne a shagon, nawa ne ke da mai hawa kullum, kuma kowanne kaya nawa yake fitarwa a yini?

A ce kekuna 10 ne, kowanne na gama riga da wando 4 a yini. Ba mai hankalin telan da zai ba mutum guda dukkansu, don yana da masu kawo ɗinki na unguwa da ba zai kora ba. In ya yarda ya ware 5, kaya 20 ke nan a yini, 600 kuwa sai kwana 30 na aiki. Da yake ana hutawa rana ɗaya a mako, mako biyar ke nan cur, kwana 35. Abin da ake kamawa ke nan: keke 5, daga ranar kaza zuwa ranar kaza.

Daga nan sai a ƙirgo baya. Za a buɗe rangwame 15 ga Azumi, to kaya su kasance cikin rumfa tun 10 ga wata, a sami sukunin gogewa da jerawa da fitar da masu aibi. Tsakanin Kano da Ikko ya haura kilomita 1,000, kuma motar kaya ba ta tashi sai ta cika. In an ba hanya mako guda, da jiran lodi da tsautsayin taya, to kaya na ƙarshe su bar Kano 3 ga Azumi. Ma'ana ɗinki ya ƙare da ƙarewar Sha'aban. A ɗebe kwana 35 daga nan, sai a faɗo wajen 25 ga Rajab, ran da keke na farko zai soma juyawa. Yadi ya isa shagon tela 20 ga Rajab don a yanka. Ciniki da mai sari da tela kuwa, farkon Rajab, wata uku kafin Idi.

Akwai hikima wajen gama aikin kafin a ga watan Azumi. Mai azumi cikin zafin Kano ba ya fitar da abin da yake fitarwa da cikinsa a ƙoshe, wanda ke yin 4 sai ya koma 3. Sa'an nan a lokacin ne masu ɗinkin kansu ke tururuwa, suna biyan kuɗin gaggawa da ya fi na ɗan sari nesa ba kusa ba, zuciyar tela kuwa ba dutse ba ce. Ƙarin kaya 100 ɗin nan kaɗai za a bari su shiga makon farko na Azumi: keke 5, kaya 15 a yini, kwana 7, su iso Agege daidai lokacin da na farko suka soma raguwa.

A kula, da watan Musulunci ake wannan ƙirga. Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. An yi Ƙaramar Sallah ran 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuwa ran 30 ga Maris. Wanda ya ce zai zo Kano daidai ranar da ya zo bara bisa kalandar Turawa, ya makara da kwana goma sha ɗaya bai sani ba.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne aikin wuya. Sau da yawa ba a shagon telan ake yin sa ba, wani ne daban mai keken surfani, wanda teloli da dama ke kai wa. In shi wuya 12 kawai zai iya ba wannan aiki a yini, to kekuna biyar ɗin nan aikin banza suke, domin 600 za su ci kwana 50, lissafin duka ya rushe. Wajibi ne a je a gan shi ido da ido, a kama wuya 20 a yini, shi ma a ba shi nasa kafin alƙalamin. Haka kuma a tambayi tela wa zai sayi man janareta in an ɗauke wuta, kada maganar ta taso tsakiyar aiki.

Duk wannan a sa shi a takarda guda, kofi biyu, gaban shaida. A rubuta adadin kowane awo, da launi, da kuɗin ɗinkin kowane ɗaya, da ranakun ba da kaya. A ɗinka samfuri biyu, ɗaya ya zauna wurin tela, ɗaya ya tafi Agege. Waɗansu na ganin takarda tsakanin mutanen da suka shekara goma suna hulɗa kamar rashin yarda ne. Amma telan kirki shi ya fi amfana da ita, don ita ce za ta hana Alhaji bugo waya tsakiyar Sha'aban ya ce ya sake shawara, a mai da farare shuɗɗa. Ya kyautu ma ɗan kasuwar ya faɗi gaskiya cewa rangwame zai yi, kuma ya amince in ya fasa bayan an ware masa kekuna, tela zai riƙe wani abu daga kafin alƙalamin, tun da ya sallami waɗansu saboda shi.

Kada a karɓi kayan a dunƙule, kada kuma a biya kuɗin ɗinki a dunƙule. A raba su kashi uku, 200 bayan kowane kwana goma na aiki, kowane kashi ya fito a biya nasa. Kashin farko shi ne ma'auni. In ranar ta zo aka ƙirga 140 maimakon 200, to kekuna uku da rabi ne ke aikin, ba biyar ba, kuma a haka ba za a gama ba sai Azumi ya yi nisa. In aka ga ɗinkin waɗansu ya bambanta da samfuri, aljihu ya karkace ko kalmasa ta yi faɗi, alama ce an fitar da aikin waje an ba almajirai. In kuwa tela ya soma neman kuɗin kashi na biyu alhali na farko bai cika ba, mai yiwuwa kuɗin wannan aiki ake toshe ramin wani da shi.

A wannan lokaci, watau cikin makon farko na Sha'aban, gyara na yiwuwa. Ɗan'uwan Alhaji da ke Kano zai iya kwashe yadin kashi na uku ya kai wa wani telan da bai cika ba tukuna, ko kuma a rage buri a tsaya a 450. Shi ya sa ba a buga takardar talla ko a aika saƙo ga masu saye sai kashi na biyu ya sauka a Agege an kwance an ƙirga. Da kaya 400 a cikin rumfa, ko na ƙarshe sun makara a Jebba, ana iya buɗe rangwamen ran 15 ga Azumi kamar yadda aka shelanta.