Shirin Kai Rigakafi Ƙauyen da Asibiti Ya Yi wa Nisa

Kai rigakafi ƙauye yana farawa ne da lissafi a kan takarda. A Najeriya ana ɗaukar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 cikin 100 na jama'a. A misali, ƙauye mai mutum 1,500 yana da jarirai 60 a shekara, wato 5 kowane wata. Tun da allurar Fenta, mai kare cututtuka 5, sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14, ma'aikaciyar jinya za ta tanadi ta yara 15 kowane wata, da ɗan ƙari.

Ranar zuwa kuwa da mai gari ake tsayar da ita, a kauce wa ranar kasuwa. Maganin yana tafiya cikin akwatin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma allurar ƙyanda da aka haɗa da ruwanta zubarwa ake yi bayan awa 6.

Wayar da kai ce ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Uwar da ba a gaya mata cewa ɗan zazzaɓi ko kumburin cinya na iya biyo bayan Fenta ba, idan jaririn ya kwana yana kuka, da wuya maigida ya bar ta ta dawo. Saboda haka ake yi wa kowace uwa bayani, a nuna mata ranar dawowa a kati. Rajista ce ke tona asiri: idan yara 50 suka karɓi ta farko, 35 kawai suka kai ta uku, kashi 30 sun zube, alhali abin da ya haura kashi 10 yana buƙatar bin gida-gida.