Injin da Ya Tsaya Kusa da Manufa

Ana son injin lantarki ya riƙa juyawa sau 1000 a minti. An ɗora masa kaya, sai ya zauna a 980. Na'urar sarrafawa tana auna gudu da ƙarfin wuta, amma turawarta daidai take da girman kuskuren. Da kuskuren zai ƙare, ƙarin turawar ma ta ƙare.

Maganin shi ne a ƙara ma'auni na uku, z, mai tara kuskure kamar asusu: ż = r − y, wato manufa a cire gudun gaske. Umarnin ya zama u = −Kx + kz. Muddin gibin 20 yana nan, z na hauhawa, wuta na ƙaruwa. Ba zai tsaya ba sai gibin ya koma sifili.

Sharaɗin dai tsarin ya natsu. Idan k ya yi yawa, gudun zai zarce 1000, ya riƙa kai da komo.