Wuyan da Ya Karkace da Tsakar Dare

A darenta na farko a ɗakin masu taɓin hankali mai tsanani, wata sabuwar nas ta tarar da saurayi wuya a karkace, idanu sun kafe sama. Da safe aka yi masa allurar haloferidol. Ta zaci ciwon ne ya motsa, har za ta nemi a ƙara masa.

Babbar nas ta ce, "Ƙanwata, yi masa magana tukuna." Ya amsa da hannu. Hankalinsa na nan, maganin ne ya ɗaure tsoka. Likita ya ba da allurar benzitirofin, cikin minti 20 wuya ya saki.

Mu masu harhaɗa magunguna mun san hakan yakan faru a kwana 5 na farko, musamman ga samari. In kun gani a gida, ba iska ba ce. Ku garzaya asibiti, don yana iya shaƙe maƙogwaro.