Jawabin Maraba a Motar Ziyara Mai Harsuna Uku

Jawabin maraba shi ne maganar farko da jagoran ziyara yake yi wa fasinjoji a bas. Aikin yakan yi nauyi idan matafiyan ba harshe ɗaya suke ji ba, kamar motar masu Umra a Madina da ta kwaso 'yan Najeriya da 'yan Nijar, wasu Hausa suke ji, wasu Turanci, wasu Faransanci.

Jagora yakan fara tun mota ba ta tashi ba. Zai tsaya kusa da direba yana fuskantar jama'a, ya yi sallama, wadda kowa ya sani, sannan ya tambayi na kujerar ƙarshe ko lasifika na kai musu. Sai ya faɗi sunansa da na direba, ya nemi masu jin kowane harshe su ɗaga hannu. Wanda bai ɗaga ba ko sau ɗaya, a nema masa tafinta a zaunar da su tare.

Daga nan sai tsarin tafiya: Dutsen Uhudu, inda aka yi yaƙi a shekara ta 3 bayan Hijira, sai Masallacin Ƙiblataini, sannan Masallacin Ƙuba. Sunayen wuraren sun wadatar, tarihi kuwa sai an isa. Dalili shi ne lissafi: maganar minti 2 a harsuna uku ta zama minti 6, ta minti 5 kuwa ta zama 15, alhali tsakanin Masallacin Annabi da Uhudu kilomita 5 ne ko kusa da haka. Ƙwararren jagora yakan gutsura maganar, jimla biyu da Hausa, ya maimaita su da sauran harsunan, sannan ya wuce. Yana kuma sauya harshen da yake farawa da shi, kada wasu su ga kullum su ne 'yan baya.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin dawowa mota. «Ku dawo bayan minti talatin» yakan rikita mutane, domin kowa daga saukarsa yake fara ƙirge. Gara ya ce: «Alhazai da Hajiyoyi, yanzu takwas da rabi, mota za ta tashi ƙarfe tara daidai.» Sai ya ɗaga kwali mai ɗauke da 9:00 da lambar motar, tunda a filin Uhudu motoci masu kama da juna suna da yawa.

Gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce, don dattijo yakan gyaɗa saboda kara. Idan aka ga wani ɓangare na ƙus-ƙus da juna, ko ana tambayar abin da aka gama faɗa, saƙon bai isa ba. Maganinsa a sa mutum ɗaya daga kowane rukuni ya maimaita lokaci da lambar mota. Bayan haka jagora ya ƙirga fasinjoji, ya rubuta adadin, sannan ya ba direba izinin tashi.