Giɓin kasafi na shekara ɗaya ne, bashi tari ne

A kasafin kuɗin 2024, gwamnatin tarayyar Najeriya ta tsara kashe kusan naira tiriliyan 9 fiye da kuɗin shigar da take sa ran samu. Wannan shi ne giɓin kasafi, lissafin shekara guda kawai, kuma da rance ake cike shi.

Bashin ƙasa kuwa tarin rancen shekaru ne da ba a biya ba. Lissafin Ofishin Kula da Basussuka, wanda ya haɗa har da jihohi, ya kai kimanin tiriliyan 97 a ƙarshen 2023. Ko gwamnati ta rage giɓin zuwa rabi, bashin ƙaruwa zai yi, sai dai a hankali. Faɗuwar darajar naira ma tana kumbura bashin da aka ci da dala, ba tare da an ranto ko sisi ba.