Wasiƙar Karɓo Kuɗin Ajiya Bayan Tashi Daga Gidan Haya

Wata malama a Kaduna ta tashi daga gidan haya, amma wata biyu shiru, mai gida bai mayar mata da kuɗin ajiyarta ba. Sai ta ɗauki alƙalami.

A wasiƙar ta rubuta ranar da ta miƙa makulli, da wanda ya karɓa, da adadin kuɗin kamar yadda yake a rasit. Ta haɗa da hotunan ranar: famfo lafiya, tagogi lafiya, mitar wuta ba bashi. Ta amsa cewa ita ta fasa madubin banɗaki, a cire kuɗinsa. Koɗewar fenti kuwa, ta ce, aikin shekaru ne.

Ta ba shi mako biyu, ta riƙe kwafi.