Takardar Awon Ruwa: Wane Layi Za a Fara Dubawa?

[Kiɗan buɗe shiri]

Jama'a masu saurare, na Birnin Konni da Tsarnawa, na Malbaza da Galmi da Dogarawa, na Illela da Badagishiri, yau shirinmu na kan wata takarda ce da ke shigowa gidaje da yawa. An gina rijiya ko an haƙa furaji, an ɗebi ruwan an kai awo, sakamako ya dawo da Faransanci, layi-layi, lamba kan lamba. Maigida ya jujjuya ta, idonsa ya faɗa kan lambar da ta fi girma, hankalinsa ya tashi. Ita kuwa lambar da ta isa ta hana shi barci tana can ƙasa, 'yar ƙarama, bai ko kalle ta ba.

Bari mu ɗauki takarda guda mu karanta tare. Lambobin da zan faɗa na misali ne, na tsara su domin koyo. A ce rijiya ce a wani gida da ke gefen gari, a bakin fadamar Magiya, garakar albasa na bayan katanga, masai kuma na cikin gida, taku kaɗan daga bakin rijiyar.

Layin da ya fi ɗaukar ido shi ne wanda aka rubuta TH, wani lokaci a rubuta dureté. Shi ne nauyin ruwa, wato yawan kalsiyam da magnesiyam da suka narke a ciki. Mu nan ba baƙon abu ba ne. Farin dutsen da ake fasawa a Malbaza ana yin siminti da shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ratsa irinsa yana lasar sa kaɗan-kaɗan. Uwargida ta riga ma'aikacin awo sanin wannan, domin ita ke ganin sabulu ya ƙi kumfa, da farin ɓamɓaroki a gindin tukunyar ruwan zafi, da wake ya daɗe bai nuna ba.

A takardarmu an rubuta 38, da ɗan harafi °f a gefe. Ma'aunin Faransa ke nan, kowane ɗaya daidai yake da miligiram 10 a lita. To 38 ta zama miligiram 380. In wata takardar ta rubuta 380 kai tsaye, ruwa ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Daga wajen 200 zuwa sama ake fara ganin ɓamɓarokin nan a bututu da tukunya, saboda haka wannan ruwa mai nauyi ne ƙwarai. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda za ku ga an rubuta OMS a saman layin ƙarshe na takardar, ba ta sa wa nauyin ruwa wata iyaka ta lafiya ba. Hasarar da yake jawowa ta sabulu ce, da bututun da ke toshewa, da famfon da ke lalacewa da wuri. Mutum na iya shan sa.

Na biyu, Cl, ko chlorures. Kulorid ke nan, rabin gishirin da muke sa wa miya. Takardarmu ta ce 180, gefe kuma an sa 250. Wannan 250 iyaka ce ta harshe. Daga wajen nan ne mai sha zai fara jin zartsi, shayi ya canza ɗanɗano, ƙarfen famfo ya yi saurin cin tsatsa. Shi ma Hukumar ba ta ba shi iyaka ta lafiya ba. Kada kuma a haɗa shi da chlore, maganin da ake zubawa a shato domin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake so a samu ragowarsa kamar miligiram 0,2 zuwa 0,5 a bakin famfo. Rubutun ya yi kama, abin daban ne. Ku lura ma, takardun Faransanci waƙafi suke sawa inda wasu ke sa ɗigo.

Amma kar mu wuce kulorid da gaggawa, domin yana da wani amfani. Fitsari da ruwan wanke-wanke cike suke da gishiri. In rijiyoyin maƙwabta na nesa da masai suna nuna 30 ko 40, taka tana nuna 180, alama ce cewa wani abu daga saman ƙasa yana tsiyaya zuwa cikin ruwanka. Ba hujja ce yankakkiya ba, don akwai ƙasa mai gishirin kanta. Amma ya isa ya sa ka duba layi na gaba da idon basira.

[Gajeren kiɗa]

Layin nan shi ne nitirat, kuma nan nake so mu zauna. Nitirat ba ya da launi, ba ya da wari, ba ya da ɗanɗano. Ruwa na iya fitowa garau, mai sanyi, mai daɗin sha, alhali ya ninka iyaka. Daga kashin mutum da na dabba yake zuwa, da kuma takin zamani, musamman ure da ake zuba wa albasa, wanda ruwan ban ruwa ke kora shi ƙasa zuwa rijiyoyi marasa zurfi.

Iyakarsa ta lafiya ce, miligiram 50 a lita. A takardarmu an rubuta 16. Maigida ya ga 16, ya ga 50, ya ce alhamdu lillahi. To dakata tukuna, maigida. Dubi sunan layin. In an rubuta NO3 kawai, 16 ɗin lafiya lau ce. In kuwa an rubuta N-NO3, da harafin N a gaba, to naitirojin ɗin da ke ciki kaɗai aka auna, kuma iyakar wannan ma'auni 11 ce. Domin a mayar da shi ma'aunin 50, sai a ninka da 4,4. Takardarmu N-NO3 ta ce. 16 sau 4,4 ya ba mu kusan 70. Ruwan ya haura iyaka, kuma harafi ɗaya ne ya ɓoye hakan. Wanda bai gane wane ma'auni aka yi amfani da shi ba, ya koma wurin wanda ya yi awon ya tambaya. Haƙƙinsa ne.

Wa wannan iyaka take karewa? Jarirai, musamman 'yan ƙasa da wata 6 da ake dama wa madarar gwangwani ko ake ɗura wa ruwa. A cikin jariri, nitirat na juyewa ya zama nitirit, shi kuma ya kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar iska, ya hana shi aikinsa. Sai a ga leɓɓan yaro da faratansa da cikin bakinsa sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, yana numfashi da sauri, ya yi laushi, ba ya kama nono. In yana zawo haɗarin ya ƙaru. Wani likita a Iowa ta Amurka, Hunter Comly, shi ya danganta wannan ciwo da ruwan rijiya a 1945. Iyaye mata, duk wadda ta ga wannan alama kada ta jira gari ya waye, ta nufi asibiti mafi kusa, ta kuma gaya wa likita ruwan da yaron ke sha. Akwai magani, kuma yana aiki in an zo da wuri.

Abin da ya fi damu na shi ne tafasawa. Mun koya wa iyaye mata su tafasa ruwan jariri, kuma gaskiya ne, tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta. Amma nitirat ba ya bin tururi. In ruwa mai 70 ya yi ta tafasa har lita 10 ta koma 8, abin da ya rage ya kai 88. Ƙwayar maganin ruwa ba ta taɓa shi, tacewa da ƙyalle ma haka. Abin da ke kare jaririn wannan gida shi ne nonon uwa zalla har wata 6, domin nitirat ɗin da uwa ta sha kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa ga nononta. In dole sai an dama madara, a nemo ruwa daga wurin da aka auna aka tabbatar yana ƙasa da 50.

Manya fa? A ce famfon unguwa an auna shi ya nuna 10. Bido ɗaya na rijiya mai 70, bido biyu na famfo, in an haɗa sun ba da 30. Wannan lissafi yana aiki ne kawai in ruwan na biyu ma yana da takardarsa. Mafi sauƙi, a bar rijiyar ga wanka da wanki da ban ruwan shuka, a sha na famfo. A ƙarƙashin nitirat za a ga NO2, nitirit, iyakarsa 3. In ya fito da yawa, ƙazantar sabuwa ce kuma tana kusa.

Akwai layi biyu da ba zan rufe shirin nan ban ambata ba. Ɗaya E. coli, ko coliformes fécaux. Nan lambar da ake so sifiri ce a cikin mililita 100. Ko 1 aka gani, kashi ya isa ruwan, kuma a nan ne tafasawa da maganin ruwa ke da amfani. Ɗayan kuma F, fulorid, iyakarsa miligiram 1,5. Mutanen Tibiri ta jihar Maradi sun san shi, inda ruwan furaji mai fulorid da yawa ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Shi ya fi zuwa daga ruwa mai zurfi, don haka mai sabon furaji ya tabbata an auna masa shi. In takardarka ba ta da waɗannan layuka biyu, awon bai cika ba, komai yawan sauran lambobin.

Sannan a dubi kwanan wata guda biyu a saman takardar, ranar da aka ɗebi ruwan da ranar da aka auna shi. Ruwan awon ƙwayoyin cuta ana ɗibarsa a kwalba mai tsabta da ɗakin awo ya bayar, a sa cikin ƙanƙara, ya isa cikin awa 24. Wanda ya kwana uku a robar lemo cikin zafin mota tsakanin Konni da Tawa ko Yamai, sakamakonsa na ƙwayoyin cuta ba abin dogaro ba ne, na nitirat ma yana iya canzawa.

Rijiya marar zurfi kuma tana bin yanayi. Awon da aka yi da bazara ba ya faɗin yadda ruwan zai kasance a ƙarshen damina, bayan ruwan sama ya wanke turke da masai da gona. Gidan misalinmu yana buƙatar sake awo a watan Satumba ko Oktoba. Kafin nan a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata daɓen siminti da murfi, a janye turken dabbobi, kuma in za a gina sabon masai a kai shi aƙalla mita 30, ta gangaren da ruwa ke barin rijiyar. Ko an yi duk wannan, nitirat da ya riga ya shiga ƙasa yana iya ɗaukar shekaru kafin ya sauka, saboda haka ruwan jariri ya ci gaba da zuwa daga waje har sai sabuwar takarda ta nuna ƙasa da 50.

 

[Kiɗan rufe shiri]